Tsantsan Ja Ba Shi Ne Kyau Ba: Magana a Kan Kitson da Ke Cinye Goshin 'Ya'yanmu



Akwai wata kalmar yabo da ta yi yawa a bakin mutanen zango, muna kuma neman a yi mata shari'a. Duk lokacin da Salla ta ƙarato, ko aka sa ranar biki a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, sai hotunan kitso su cika wayoyi. Za a ga yarinya an ja mata gashin goshi har girarta ta ɗaga, fatar gefen kunne tana sheƙi kamar bayan tasa, sai a yi ta rubutawa a ƙasa: “Kai, wannan kitso ya kamu! Makitsiyar nan akwai hannu.” Idan kuwa aka sa hoton wadda aka bar mata 'yan gashin goshi a kwance, kitson ya zauna ba tare da ya ɗaga fata ba, sai a ce aikin ragwanci ne, ko a tambayi nawa aka biya.

Mu dai ra'ayinmu a fili yake. Wannan ma'auni karkatacce ne, kuma shi ne yake korar gashin goshin mata baya, shekara bayan shekara, har ya kai mace mai shekara talatin ba ta iya zame ɗankwali a gaban ƙawayenta. Kyawun kitso daban, ƙarfin ja daban. Wanda ya haɗa su wuri guda ya zalunci sana'ar kitso, ya kuma zalunci kan da aka kitsa.

Wani zai ce ina ruwan zauren dattawa da kitso, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amsarmu ita ce kan da ake magana a kansa na 'ya'yanmu ne, wasunsu ko shekara biyar ba su cika ba, kuma ba su da bakin da za su ce a sassauta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari mu fara da abin da ake kira kyau, domin masu yabon ja sun ƙwace kalmar. Idan gwanar makitsiya ta dubi aikin wata, abu huɗu take dubawa. Na farko tsaga: shin layin ya fita sarai, ya miƙe inda ake so ya miƙe, ya lanƙwasa inda ake so ya lanƙwasa, ba gashin wannan layi da ya tsallaka cikin wancan? Na biyu daidaito: shin layukan kaurinsu ɗaya, ko kuwa idan an nufi manya da ƙanana, an jera su bisa tsari, dama ta yi daidai da hagu? Na uku tafiyar hannu: shin saƙar ta tafi da nisa ɗaya daga goshi har ƙeya, ba inda ta kumbura, ba inda ta tsuke? Na huɗu ƙarasawa: shin jelar ta kammalu, bakinta bai watse ba? Waɗannan huɗu su ne gwaninta, ko zane ake yi, ko shuku, ko kalaba. Ku lura, babu ɗaya daga cikinsu da yake bukatar a ja fatar kai. Tsaga aikin tsinke ne da ido. Daidaito aikin lissafi ne. Ja kuwa, ko ɗan koyo yana iya shi. Hasali ma sau da yawa da ja ake rufe aibin tsaga, domin idan aka ɗaure gashi tamau kowane layi sai ya yi kamar ya fita.

To me ke faruwa a ƙarƙashin fata idan an ja? Kowane silin gashi yana da saiwa da ke zaune a cikin wani ɗan rami a fata, a nan ake ciyar da shi, daga nan yake tsirowa. Gashin tsakiyar kai yana da kauri, yana da yawa, yana da maƙwabta ta kowane gefe da za su raba nauyi da shi. Gashin bakin goshi da na saman kunne siriri ne, gajere, kuma shi ne a bakin iyaka, ba wanda ke gabansa. A kansa kitso yake farawa, wato duk jan layin a kansa yake ƙarewa. Idan aka ɗaure shi dare da rana na makonni, bakin ramin sai ya yi ja, ya kumbura, wani lokaci ƙwayoyin cuta su shiga ya yi ruwa. Daga nan gashin ya tsinke ko ya tumɓuke. A karo na farko da na biyu yakan sake tsirowa, saboda ramin yana raye. Amma idan aka maimaita shekara da shekaru, ramin sai ya mutu, tabo ya rufe wurin. Daga ranar da tabo ya rufe rami, babu man kaɗe, babu man kwakwa, babu haɗin da ake tallarsa a Kejetia da zai fito da gashi a wurin. Wanda ya ce yana da shi, kuɗinku yake so.

Wannan ba zancen zaure ba ne. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan sanƙo na ja. A shekarar 2007, likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun buga binciken da suka yi a yankin Cape Town na Afirka ta Kudu. Sun tarar da wannan zubewar gashi a kan kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata. Wato daga yarinta zuwa girma adadin ya kusa ninkawa, abin da ke nuna cewa ɓarnar taruwa take yi. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi tsanani ga gashin da aka sa wa man miƙar da gashi, wato rilaksa, sannan aka ɗora masa kitso mai ja. Ba a zangonmu aka yi ƙidayar ba, amma gashin irin namu ne, hannun makitsiya ma irin namu ne.

Yanzu sai mu zo kan tambayar da ake yawan yi: idan an ga gefen goshi a ɗaure, shin tabbas an yi ɓarna? A nan wajibi ne mu yi adalci, domin ba duk abin da ya yi sheƙi ne ciwo ba. Sabon kitso, tsagarsa takan fito fili, fatar kai ta bayyana, musamman idan an shafa mai ko jel an kwantar da gashi. Wata kuma Allah ya halicce ta da faɗin goshi, haka uwarta take, haka kakarta. Hoto shi kaɗai ba ya isa a yanke wa makitsiya hukunci, kuma ba ma goyon bayan masu yi wa 'yar mutane dariya a ƙarƙashin hotonta. Abin da ke raba gardama alamomi ne da ake gani da ido kusa, a kuma ji daga bakin mai kan.

Alama ta farko ana ganinta tun ba a tashi daga gaban makitsiya ba. A dubi tushen kitson a bakin goshi. Idan fata ta tashi ta bi kitson, ta yi ɗan tudu kamar an kafa laima, ko ta yi tamoji tsakanin layi da layi, ja ya wuce kima. A ce wa mai kitson ta ɗaga gira, ta rufe ido da ƙarfi, ta sunkuyar da kai haɓarta ta taɓa ƙirji. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya sa ta ji zafi a goshi ko a ƙeya, kitson ya fi ƙarfin fatarta. Kitso mai lafiya ana jin an riƙe kai, amma ba ya hana fuska motsi.

Alama ta biyu tana zuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku: ciwon kai, kasa kwanciya a kan gefe, da ƙananan ƙuraje ja ko masu farin baki da suke jeruwa a bakin goshi, bayan kunne ko ƙeya. Waɗannan ƙuraje ba zafin rana ba ne, ba kuma “kitso ne yake zama” ba. Ramin gashi ne yake kuka. Ka'ida mai sauƙi ita ce: kitson da sai an sha farasitamol kafin a yi barci, a tsefe shi.

Alama ta uku takan ɓoye. Wani lokaci a ga wani ɗan farin abu ya naɗe silin gashi kusa da tushe, kamar zobe, yana zamewa idan an ja shi da farce. Mutane sukan ɗauka amosani ne ko ƙwan kwarkwata. Ƙwan kwarkwata yana manne, ba ya zamewa da sauƙi. Wannan zoben kuwa rigar saiwa ce da ja ya zaro daga cikin rami. Haka nan idan aka ga kitso guda yana lilo a kan 'yan silin gashi kaɗan, da fararen ɗigo a bakin gashin da ya fita, to tumɓukewa ake yi.

Alama ta huɗu ita ce mai yaudara, ita ce kuma muke so kowace uwa ta riƙe. Sau da yawa mai wannan sanƙo takan ce gashin goshinta yana nan, ga shi ma tana kwantar da shi da buroshi. Gaskiya ne akwai wani siririn layin gashi da ke saura a can gaba, domin gajarta ta hana yatsun makitsiya kama shi. Amma a duba bayan wannan layi. Idan akwai fili tsakaninsa da inda kitso ya fara, fili mai faɗin yatsa ɗaya ko biyu, musamman a saman kunne ta dama da hagu, to wannan filin shi ne gashin da ya tafi. Likitoci suna ɗaukar wannan saura na gaba a matsayin shaidar cewa ja ne ya yi ɓarnar. Daga nan sai a duba filin a cikin hasken rana. Idan ana ganin ƙananan ramuka da gashi mai laushi kamar na jariri, akwai sauran fata, a daina ja zai iya dawowa. Idan wurin ya yi sumul yana ƙyalli, babu rami ko ɗaya, tabo ya riga ya shiga.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, irin wanda kowace unguwa ta sani. Yarinya ce ta gama sakandare. Kamar yadda aka saba a makarantun gwamnati na Gana, shekarunta na karatu duk da gajeren gashi ta yi su. Wata huɗu da barin makaranta, gashinta bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba, domin gashi ba ya wuce kimanin santimita ɗaya a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka. Ga bikin yayarta ya taso, tana son kitson rasta har kugu. Gajeren gashi ba ya riƙe ƙarin gashi sai an ɗaure tushen tamau, don haka makitsiya ta ɗaure. Don goshi ya fito “tsaf”, ta yanka ƙananan tsaga a gaba, ta ɗora wa kowace ƙarin gashin da ya fi gashin yarinyar kauri sau biyu ko uku. Ranar biki aka tattara kitson duka aka naɗe shi a tsakiyar kai, aka ɗaure da roba, aka kawo ɗauri mai tauri aka ɗora a daidai bakin goshi. Ku ƙirga ja nawa ke kan gashin goshin nan: na tushe, na nauyin jela, na naɗi, na ɗauri. Huɗu ke nan, a kan gashin da ya fi kowane rauni.

Daren farko ba ta yi barci ba, aka ce ta daure, kwalliya sai da wahala. Kwana uku ƙuraje suka fito, aka shafa mai. Saboda kuɗin da aka kashe, aka bar kitson wata uku. Gashi ya tsiro a ƙasa, kowane kitso ya saki yana lilo, nauyinsa duka ya koma kan 'yan silin da suka rage. Ranar tsifa, gefen goshi biyu sun yi fili. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi na farko: don a rufe filin, sai a sake sabon kitso a ranar, a kamo gashin da ke bayan filin a ja shi. Haka iyaka take matsawa baya. Garin gyaran gira an rasa ido.

Da a ce an tsefe layin gaba tun daren farko, da ba a yi asarar komai ba sai kuɗin layi ɗaya. Da an tsefe duka a ranar da ƙuraje suka fito, aka bar kai ya huta, da ƙurajen sun kwanta cikin kwanaki. Ko a ranar tsifar ma ba a makara ba: a bar gashi ba ja na wasu watanni, a yi manyan kitso sassauƙa da gashinta kaɗai, a bar na goshi a sake. Idan wata uku zuwa shida suka wuce ba alamar tsiro, ko ƙurajen suna ruwa, sai a nufi likitan fata a babban asibiti, domin akwai magungunan kwantar da kumburi da na tayar da saiwar da ba ta mutu ba, amma likita ne zai faɗi wanda ya dace, balle ga yaro ko mai ciki ko mai shayarwa.

Kada kuma a ɗora wa kitso laifin da ba nasa ba. Idan yaro ya yi fili zagayayye mai ɓarɓashi a ko'ina a kai, ana zargin makero, shi kuma maganin sha yake bukata, yana kuma yaɗuwa ta mataji. Mai jego takan zubar da gashi 'yan watanni bayan haihuwa, har gefen goshi ya yi sauƙi, yawanci yana dawowa da kansa, sai dai wannan ne lokacin da kitson suna mai ja ya fi yi mata illa. Dattijuwar da goshinta ke ja baya tare da zubewar gira, wannan wata cuta ce daban, ta ga likita da wuri.

Mun san hujjojin masu kare ja, bari mu amsa su. Suna cewa kitso mai sassauci ba ya daɗewa, ga tsadar rayuwa. Muna tambaya: wanne ya fi tsada, sake kitso bayan 'yan makonni, ko sayen hular gashi har ƙarshen rayuwa? Ko kitson ƙari mai kyau, likitocin fata ba sa son ya wuce mako shida zuwa takwas. Daɗewar da ake alfahari da ita, ita kanta ɓarna ce.

Suna cewa iyaye da kakanni sun yi kitso ba abin da ya same su. Kakanninmu da gashin kansu suka yi kitso, da man shanu ko man kaɗe, suna tsefewa su wanke su sake. Ba su ɗora wa goshi jelar roba mai kaiwa kugu ba, ba su ƙona gashi da rilaksa ranar Laraba su kitsa shi ranar Alhamis ba. Kuma a cikinsu ma akwai waɗanda goshinsu ya tafi, kallabi ne ya rufa asiri. Wanda zai kafa hujja da al'ada, ya kawo ta cikakkiya.

Suna cewa laifin makitsa ne. Wannan ma ba mu yarda da shi duka ba. Makitsiya abin da kasuwa ke yabo take sayarwa. Idan ta bar gashin goshi a sake, uwar yarinya ce za ta nuna da yatsa ta ce, “Baiwar Allah, ga wasu nan kin bari, kama su.” Ranar da masu biya suka fara cewa “ki bar mata na gaba”, ranar hannu zai sassauta. Amma muna kira ga makitsanmu, ku ne masana a wannan fage. Yaro yana kuka a tsakanin gwiwoyinku, uwa tana cewa ki ci gaba, ke ce kika san kukan rigima da kukan zafi. Faɗin gaskiya ba zai rage miki ciniki ba, zai ƙara miki daraja.

Ga wanda yake neman hujjar addini, ita ma tana nan. Ya tabbata a hadisin Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, cewa ba a wajabta wa mace tsefe kitsonta don wankan janaba ba. Malamanmu na Malikiyya sun bi wannan sauƙi, amma suka sa sharaɗi: ruwa ya ratsa ya kai ga fata. Idan kitso ya yi tsananin ɗauri har ruwa ba ya shiga, sai an warware. Ashe tun kafin likitoci su yi magana, malaman fiƙihu sun raba kitso sassauƙa da kitso mai tsanani. Ga kuma ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani, cewa cuta abar gusarwa ce, ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Babba tana iya cewa kanta ne. Yarinya 'yar shekara shida kuwa amana ce, ba ita ta zaɓi a rataya mata duwatsun ado a bakin kowace jela ba.

Su ma masu hijabi kada su ce sun tsira don ba a ganin kansu. Gashin da aka tattara baya aka ɗaure tamau kullum a wuri guda, da hular ciki mai roba da ke zaune a kan layin goshi tun safe har dare, suna yin irin aikin da kitso mai ja yake yi. A sassauta ɗaurin, a riƙa sauya masa wuri, a kwance shi idan an shiga ɗaki.

Abin da muke nema bai da yawa. A bar gashin bakin goshi a waje, kada a kama abin da yatsa ba ya kamawa sai da ƙyar. Tsagar gaba ta zama babba, ƙarin da za a ɗora kada ya fi gashin da zai ɗauke shi kauri. Kada a haɗa rilaksa da kitso a mako guda. Tsakanin tsifa da sabon kitso a ba kai hutu, ko na mako ɗaya ko biyu ne. A riƙa sauya fasali, wanda ya ja baya yau, gobe a yi wanda ya kwanta gefe. Yara ƙanana kuwa a yi musu da gashinsu, manya-manya, sassauƙa.

Sai kuma harshe, wanda daga gare shi abin ya faro. Salla mai zuwa, idan hoton kitso ya iso wayarku, ku dubi tsaga, ku dubi daidaito, ku yaba wa makitsiya a kansu. Idan kun ga fata ta tashi a bakin goshi, ko ƙuraje sun jeru, kada ku rubuta “ya kamu”, kada kuma ku yi izgili a bainar jama'a. Ku kira uwar a gefe ku ce, “Hajiya, a sassauta wa yarinyar nan layin gaba.” Minti goma ne aikin.

Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya, ya sa albarka a hannun masu sana'a. Wassalamu alaikum.